Me ya sa cinikin gwal ke tashi a Indiya da Sin lokacin bukukuwa?

Bilkisu A.: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu bibiyar kasuwar zinare. Duk shekara idan Oktoba ya kama, labaran kasuwanci sai su cika da maganar cewa cinikin kayan gwal zai tashi a Indiya saboda Diwali, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, da lokacin aure. Janairu na zuwa kuma a ce Sin ce, saboda sabuwar shekararsu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, gwal ba kayan miya ba ne da zai lalace. Wanda yake so ai yana iya saya a kowane wata. To me ya sa kowa zai jira lokaci ɗaya, a yi cunkoso a shago?

Nura Tattali: Wa alaikumus salam. Amsar a fili take 'yar'uwa, al'ada ce. Suna da ranakun da suka yi imani sayen gwal a cikinsu na kawo arziki. Babbar ita ce Dhanteras, kwana biyu kafin Diwali, sai Akshaya Tritiya a Afrilu ko Mayu. Kuma tunda Indiya da Sin su biyu suna kwashe fiye da rabin kayan adon gwal da ake saya a duniya, idan suka fito saye farashi dole ya hau. Shi ya sa mai wayo yake saya a Yuli ya sayar a Nuwamba.

Alhaji Mai Awo: Nura, rabin maganarka daidai ne, rabin kuma zai iya jawo wa wani asara. Bari in fara da na farkon, zan dawo kan batun farashi.

Ranakun nan gaskiya ne, amma idan ka tsaya a kansu ba ka amsa wa Bilkisu ba. Abin da ake saya a Dhanteras galibi ƙanana ne: zobe, 'yan kunne, kwabon gwal na giram ɗaya ko biyu, don dai kada ranar ta wuce hannu banza. Nauyin kasuwar yana wajen amarya. Majalisar Zinare ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin gwal ɗin da Indiya ke saya a shekara na da alaƙa da aure. Saboda haka tambayar da ta dace ita ce, me ya sa aurensu yake taruwa a wasu watanni?

Mabiya addinin Hindu ba sa ɗaura aure duk ranar da suka ga dama. Limaminsu ne yake duba kalanda ya fitar da rana da sa'a. Akwai wata huɗu, daga wajen Yuli zuwa farkon Nuwamba, da suke kira Chaturmas, wanda a yawancin arewacin ƙasar ba a yin aure a cikinsa. A tsakiyarsa akwai mako biyu na tunawa da magabata, yawanci a Satumba, da ko sabon abu mai tsada ba a son saye. Ranar da wata huɗun nan suka ƙare sai a buɗe ƙofa, aure ya ɓarke daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da ɗan hutu tsakanin tsakiyar Disamba da tsakiyar Janairu. Sai kuma wani zagaye a Afrilu da Mayu. Auren da zai bazu a wata goma sha biyu an matse shi cikin 'yan kwanaki da aka yarda da su. Diwali kuma yana faɗowa dab da buɗe ƙofar. Uban da zai aurar da 'yarsa a ƙarshen Nuwamba, dama dole ya sayi kayan, to sai ya ga gara ya karɓe su a ranar da yake ganin tana da albarka. Ciniki biyu ne suka hau kan juna.

Bilkisu A.: Na gode Alhaji. Amma har yanzu da sauran rina a kaba. In ya san a Nuwamba zai aurar, me zai hana ya saya tun Yuni, lokacin da shago babu kowa?

Alhaji Mai Awo: Kuɗi, 'yata. A Yuni ba shi da su. Ana ƙiyasta cewa wajen kashi 60 cikin ɗari na cinikin gwal a Indiya daga karkara yake fitowa. Daminarsu tana sauka daga Yuni zuwa Satumba. A watannin nan manomi kashewa yake yi: iri, taki, 'yan ƙwadago. Shinkafa da auduga da waken suya sai Oktoba da Nuwamba ake girbe su a kai kasuwa. Kin ga kaka, da Diwali, da buɗe aure duk sun haɗu a mako shida ko bakwai. Zagayen Afrilu da Mayu shi ma haka, yana biyo bayan girbin alkama ne. Shi ya sa dillalan gwal suke bin labarin ruwan sama kamar su ne masu gonar. Shekarar da damina ta yi gardama, tun Agusta suke rage odar kaya.

Sadiq_99: Ni fa ban gane ba. Wato gwal ɗin bauta masa suke yi? Don ni na taɓa jin cewa a gidajen bautarsu ake zuba shi tan-tan. In haka ne ai ba ciniki ba ne, ibadarsu ce.

Maman Amira: A'a Sadiq, ka haɗa abu biyu. Akwai gwal da ake kai wa gidajen bauta kyauta, wannan daban. Wanda ake magana a kai na gida ne, na mace. Kuma ba Hindu kaɗai ba. Na zauna a jihar Kerala lokacin da maigidana yake karatu, inda Musulmi da Kirista suke da yawa, kuma su ma wajen gwal ba a bar su a baya ba. Can ba da giram suke lissafin kayan amarya ba, da wani awo ne da suke kira pavan, giram takwas kenan. Za ka ji ana tambaya amarya da pavan nawa ta fita.

Na je bikin 'yar maƙwabciyarmu. Sarƙoƙi aka jera mata tun daga wanda ya ɗame wuya har wanda ya kai cibiya, kowanne ya fi na samansa tsawo, awarwaro kuma har kusan gwiwar hannu. Wata gwaggonta tana tsaye a bayanta ba abin da take yi sai gyara mata maɗaurin sarƙa da ƙirga su da ido. Washegari yawancinsu aka kwashe aka kai akwatin ajiya na banki. Na tambayi uwar yaushe ta sayi wannan duka. Ta ce tun yarinyar tana goye take tarawa, duk shekara ɗan abu, kuma sarƙa biyu na kakarta ne aka narka aka sake ƙerawa. Wanda aka saya sabo dab da biki bai kai rabi ba.

Sannan Alhaji, kalandar da ka kawo ta arewa ce. A Kerala watan da suka fi aure shi ne Chingam, tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Satumba, lokacin bikin Onam. A lokacin da arewa ta rufe su suke buɗewa.

Alhaji Mai Awo: Gaskiyarki Hajiya, kuma maƙwabtansu Tamil Nadu su ma suna da watan da suke kauce wa aure, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Kowane yanki da nasa lissafin. Amma idan aka tattara ƙasar gaba ɗaya, wata ukun ƙarshen shekara ne suka fi nauyi a yawancin shekaru.

Abin da kika faɗa na tarawa tun yarinya tana ƙarama shi ne mutane ba sa lura da shi. Ranar biki ita take zama ranar da ake ƙara wa tarin. Uwa mai 'ya 'yar shekara shida, idan Dhanteras ta zo ta sayi awarwaro ɗaya, a takarda cinikin biki ne, amma a zuciyarta kayan aure take haɗawa. Manyan shaguna ma sun gane haka, suna da tsarin da kike zuba kuɗi wata-wata har wata goma ko goma sha ɗaya, a ƙarshe su yi miki rangwame ki ɗauki kaya. Mutane suna saita shi ya cika dab da biki.

Dakta Hadiza: Bari in shigo da abin da nake ganin shi ne tushe, don har yanzu muna maganar yaushe ne, ba mu taɓa me ya sa gwal ba. Me ya sa ba fili ba, ba shanu ba, ba kuɗi a banki ba?

A al'adar Hindu akwai abin da suke kira stridhan, dukiyar da aka bai wa mace lokacin aure, wadda a shari'arsu tata ce ita kaɗai, ko miji ba shi da iko a kanta. Ƙarni da yawa gonar gado ta 'ya'ya maza ce. Sai a 2005 aka gyara dokar gadon Hindu aka bai wa 'ya mace haƙƙi daidai da na namiji a dukiyar gidan kakanni. Kafin nan, kuma har yanzu a aikace a wurare da yawa, rabon 'ya mace shi ne abin da aka rataya mata a wuya ranar da za ta bar gidan. Za ta tafi wani ƙauye, cikin dangin da ba nata ba. Gona ba ta ɗaukuwa. Gwal kuwa yana shiga ƙullin zane, ba ya ruɓewa, kowa ya san darajarsa, kuma ba ya buƙatar takarda ko sa hannun wani.

Shi ya sa kayan nasu karat 22 ne, wanda ake buga wa lamba 916, wato kashi 91.6 cikin ɗari gwal ne tsantsa. A Turai da Amurka zoben aure karat 18 ko 14 ne, kuma yawancin kuɗin yana kan dutse da sunan kamfani. Ranar sayarwa sai kuka. Na Indiya ana sayensa da awo, a sayar da shi da awo. Ado ne a ido, ajiya ce a lissafi.

Nura Tattali: Dakta, ajiyar da ake cire mata kuɗin ƙira ai ba ajiyar kirki ba ce. Da sandar gwal suka saya ko kwabon gwal da ya fi.

Alhaji Mai Awo: A lissafi kana da gaskiya, kuma bari in nuna yawan asarar don kowa ya gani. Misali ne kawai, farashin ni na sa shi don sauƙin lissafi. A ce giram na karat 22 rupi 7,000 ne, sarƙar kuma giram 40. Gwal ɗin kansa 280,000. Kuɗin ƙira ya danganta da wahalar aikin, mu ce kashi 12 cikin ɗari, 33,600 kenan. An kai 313,600. Gwamnati ta ɗora harajinta na kashi 3, wato 9,408. Ka biya 323,008. In ka dawo da ita washegari, ba wanda zai biya ka ƙira ko haraji. Mafi yawan abin da za ka samu 280,000 ne, in ma ba a rage maka wani abu ba. Rupi dubu 43 sun tafi, kusan kashi 13 cikin ɗari na abin da ka biya.

To amma ba don a sayar washegari ake saya ba. Shekara ashirin, talatin za ta yi a gida. Kuma a ranar matsi ba sayarwa suke fara yi ba, jingina suke bayarwa. Akwai manyan kamfanoni irin su Muthoot da Manappuram, dukansu daga Kerala suka taso, da sana'arsu kenan, bankuna ma suna yi. Ka kai awarwaro, a goga a auna, a ba ka bashi a ranar. Shekaru da yawa ƙa'idar babban bankinsu ita ce kada bashin ya wuce kashi 75 cikin ɗari na darajar gwal ɗin. Manomi ya jinginar da kayan matarsa a Yuni ya sayi taki, ya fanso a Nuwamba. Abin da ya kamata ka sani Nura shi ne, kayan ado su ne waɗannan kamfanoni suke karɓa, ba sandar gwal ba. Saboda haka sarƙar tana da wani amfani da sanda ba ta da shi, ga shi kuma ana sa ta a fita biki.

Maman Amira: Na ga wannan da idona. Matar da ke taya mu aiki hannunta wani lokaci da awarwaro biyu, wani lokaci babu. Idan babu na san an biya kuɗin makarantar yara ne. Ba ta ɗauki abin a matsayin abin kunya ba ko kaɗan.

Rahma Sani: Ku yi haƙuri, ni wannan yabon da ake yi bai kwanta mini ba. Ana cewa dukiyar mace ce, dukiyar mace ce. Nawa ne daga cikinsu suke riƙe da mabuɗin akwatin? Abin da na sani shi ne dangin ango ne suke yanka wa iyayen amarya abin da za su kawo, uba ya ci bashi, ya sayar da gona, kuma idan bai cika ba yarinyar ce za ta ɗanɗana kuɗarta. Indiya ta haramta wannan tun 1961, amma har yau ana samun matan da ake kashewa a kansa. Wani ɓangare na wannan cinikin da muke ta lissafawa hawayen iyaye ne. Bai kamata mu wuce shi kamar ba mu gani ba.

Dakta Hadiza: Rahma, ban musa ba, kuma na ji daɗi da kika kawo shi. A doka abu biyu ne: abin da aka bai wa amarya nata ne, abin da dangin ango suka nema a matsayin sharaɗi laifi ne. Kotun ƙolinsu ta sha nanata cewa miji ba shi da mallaki a kan stridhan. Amma sarƙa ɗaya ce, a wuya ɗaya, ranar biki ba mai iya bambance wacce aka bayar da son rai da wacce aka tilasta. Inda nake tsaye shi ne, ko an kawar da tilasta gaba ɗaya, uwa za ta ci gaba da haɗa wa 'yarta gwal, domin shi ne abu ɗaya da take da yaƙinin zai iya zama a hannun yarinyar.

Rahma Sani: Zai iya, Dakta. Ba lallai ba. In surukarta ta karɓa ta ce za ta ajiye mata, sai an je kotu, kuma mace nawa ce za ta kai uwar mijinta kotu tana zaune a gidan? Ni dai ina ganin matsin idon jama'a ya fi ƙaunar 'ya yawa a cikin awon nan.

Dakta Hadiza: A wasu gidajen haka ne, a wasu ba haka ba. Ba na jin za mu raba wannan gardamar a nan.

Nura Tattali: To Alhaji, ka ce za ka dawo kan farashi. Ni har yanzu ina kan bakata. Ƙasar da ke sayen tan 700 zuwa 800 a shekara, kusan duka daga waje take shigo da shi, ta taru ta yi saye a wata uku, ka ce farashi ba zai motsa ba?

Alhaji Mai Awo: Yana motsawa, amma ba inda kake dubawa ba. Dalili uku zan ba ka.

Abin da kowa ya san yana zuwa ba ya ba kasuwa mamaki. Ranar Diwali tana kalanda tun bara. Sarƙar da za a saya a Nuwamba, a Agusta da Satumba aka ƙera ta. Akwai babban baje kolin masu kayan ado a Mumbai wajen Agusta inda shaguna ke ba da oda, daga nan maƙera su shiga aiki dare da rana. Gwal ɗin da suke narkawa an riga an saye shi daga Suwizalan ko Dubai kafin kai ka ji labari a rediyo. Ranar da ka ga hoton cunkoso a shago, cinikin ɗanyen gwal ya wuce da makonni.

Sannan farashin duniya a Landan da New York ake yanka shi, kuma masu juya shi su ne masu zuba jari, da kuɗin ruwan Amurka, da ƙarfin dala, da manyan bankunan ƙasashe. Waɗannan bankunan sun sayi sama da tan 1,000 a kowace shekara a 2022 da 2023 da 2024. Gwal ɗin takarda, wato wanda ake cinikinsa a rubuce ba tare da an ɗauki ƙarfen ba, da ake juyawa a kasuwannin nan cikin 'yan kwanaki ya fi abin da amaren Indiya ke sawa a shekara.

Na ukun shi ne ya fi muhimmanci. Mai sayen kayan aure ba ya bin farashi sama, gudunsa yake yi. Shi da kuɗi yake zuwa shago, ba da awo ba. Ka ɗauki uba da ya tanadi rupi 600,000. Idan giram 6,000 ne, da ƙira da haraji kamar yadda muka lissafa ɗazu, kowane giram zai tsaya masa wajen 6,920, ya samu kusan giram 87. Idan farashi ya koma 7,500, giram zai tsaya masa wajen 8,650, kuɗin nan dai su ne, amma giram 69 zai ɗauka. Mai shago zai gaya wa 'yan jarida ciniki bai ragu ba, kuma bai yi ƙarya ba, kuɗin da ya shiga aljihunsa ɗaya ne. Amma gwal ɗin da ya fita ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar. Idan uban yana jin kunyar a ga 'yarsa da ƙarancin kaya, sai ya kawo tsohon gwal na gida giram 20 a narka a cike gurbin, ya biya ƙira kawai. Amarya ta fita da kayanta cif, amma ko giram ɗaya na wannan ƙarin ba a shigo da shi daga waje ba. Ko kuma a ƙera masa sarƙa mai faɗi amma rarake a ciki, ido ya cika, sikeli bai cika ba.

Nura Tattali: To a ina yake motsawar?

Alhaji Mai Awo: A tazarar da ke tsakanin farashin cikin gida da na Landan. Ka ɗauki farashin duniya, ka juya shi zuwa rupi, ka ɗora kuɗin kwastan, wannan shi ne farashin hukuma. Idan ciniki ya yi zafi dillalan Mumbai suna sayarwa sama da shi da 'yan daloli a kowane oza. Idan ya yi sanyi sai su yi ragi. Duk shekarar da ka ga mako biyu ya rage a yi Diwali amma dillalai suna ragi, ka san bikin bana ba zai yi armashi a awo ba, ko me masu shago za su faɗa. Mu da muke sayen sanda a Dubai wannan muke tambaya kafin komai.

Kuma abin da ke tayar da su ya fi biki ƙarfi shi ne faɗuwar farashi. A Afrilun 2013 gwal ya rikito cikin kwana biyu, shaguna a Indiya da Sin da Hong Kong suka cika maƙil har kaya suka yanke. A Yulin 2024 gwamnatin Indiya ta rage kuɗin shigo da gwal daga kashi 15 zuwa 6 cikin ɗari, a tsakiyar damina, lokacin da ake cewa ba ciniki. Watan Agustan nan shigo da gwal ya yi tashin gwauron zabi. Iyayen da za su aurar a Disamba ba su jira Dhanteras ba.

Bilkisu A.: Wannan ya amsa tambayata ta farko kenan. Ashe in sun ga rahusa kuma da kuɗi a hannu, suna yin gaba.

Nura Tattali: Na karɓi batun tazarar, amma ban sauka gaba ɗaya ba. Na sha ganin jadawalin da ke nuna gwal ya fi yin kyau a Janairu da kuma ƙarshen damina idan aka haɗa shekaru da yawa. Ba zai zama banza ba.

Alhaji Mai Awo: Ana ganinsa a matsakaicin lissafi, ban hana ba. Amma ka duba shekara-shekara. A 2013 wanda ya saya a Agusta ya kai Disamba da asara, bikin Diwali kuma an yi shi lafiya. In za ka sa kuɗinka a kan wannan, ka sa wanda za ka iya jure rashinsa.

Sadiq_99: To su Sin fa? Su ma damina ce?

Kabiru Guangzhou: Nan zan iya cewa wani abu tunda a can nake harka. Su ba damina ba ce, hutu ne da kuɗin ƙarshen shekara. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Ma'aikata suna karɓar garaɓasar shekara kafin su tafi gida, kuma ba a zuwa wajen iyaye hannu rabbana. Kowace shekara tana da dabbarta a kalandarsu, sai a ƙera 'yan ƙananan abin wuya da siffarta ana bai wa yara da tsofaffi. Ɗaya lokacin shi ne hutun mako guda na farkon Oktoba, wanda ake cika shi da aure saboda kowa yana gida.

Bambancinsu da Indiya biyu ne da na lura. Gwal ɗinsu karat 24 ne, wanda ake buga wa 999, ba sa son gauraye. Sannan a al'adarsu ɓangaren ango ne yake kawo wa amarya, abin da suke kira gwal uku: sarƙa, zobe da 'yan kunne, wasu su ƙara awarwaro. A nan kudu amarya tana ɗaukar manyan awarwaro masu zanen dodo da tsuntsu da dangi suka ba ta, idan hannu ya cika a zura sauran a jan zare a rataya mata a wuya. Abin da Alhaji ya faɗa na yin gaba haka yake a nan ma. Unguwar Shuibei a Shenzhen, inda ake sarin yawancin kayan, a Disamba da farkon Janairu take cika, kafin masana'antu su rufe ma'aikata su watse.

Amma akwai abin da ke damun masu shago. Aure ya ragu. A 2013 an yi rajistar aure sama da miliyan 13, a 2024 kaɗan ya haura miliyan 6. Matasa suna sayen gwal har yanzu, amma 'yan ƙwayoyi na giram ɗaya suke tarawa a kwalba, ko sanda, saboda kuɗin ƙirarsu kaɗan ne.

Dakta Hadiza: Wannan ya ƙarfafa maganata, Kabiru. Inda mace take da albashi da asusun banki da gida da sunanta, dalilin rataya mata dukiya a wuya yana raguwa, sai a koma sayen gwal don ajiya kawai, kuma ajiya ba ta jiran ranar biki.

Maman Amira: Ni kuwa Dakta ban ga haka a Kerala ba. Jiha ce da take sahun gaba wajen ilimi a Indiya, matansu ma'aikatan jinya ne a ƙasashen Larabawa da Turai, suna da kuɗinsu, kuma su ne suka fi kowa tara gwal. 'Yar maƙwabciyar nan tawa injiniya ce. Da albashinta ta ƙara sarƙa ɗaya a kan wanda uwarta ta haɗa.

Kabiru Guangzhou: Alhaji, tambaya ɗaya. Shekarar annoba da aka hana taro, ya cinikin ya kasance a Indiya? A nan dai ya faɗi warwas a farkon 2020.

Alhaji Mai Awo: Ya faɗi sosai. A 2020 kayan adon da Indiya ta saya sun sauka zuwa tan ɗari uku da 'yan kai, Akshaya Tritiya ta zo shaguna a rufe. Amma auren ba fasa shi aka yi ba, ɗage shi aka yi. A 2021 ciniki ya koma sama da tan 600, kuma wata ukun ƙarshen shekarar sun fi duk wani wata uku da aka gani cikin shekaru masu yawa, saboda auren shekara biyu ne ya taru a kan ranakun shekara ɗaya. Wasu iyalan ma da aka taƙaita musu yawan baƙi, kuɗin abinci da na zauren taro suka juya suka ƙara a kan gwal.